Maki Uku a Takarda Ɗaya: Raba Hujja da Shaida da Harshe Wajen Duba Insha'i

Wani zangon karatu na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare insha'i a kan tambaya guda: shin ya dace gwamnati ta hana amfani da leda a kasuwanninmu? Takardu 74 suka taru a kan teburina. Cikinsu akwai guda biyu da har yau nake tunawa. Ta farko ta wani yaro ce mai kyan rubutu, Hausarsa tana gudu kamar ruwa, ga karin magana a kowane sakin layi. Na ba shi 16 cikin 20 ban yi wata-wata ba. Ta biyu ta wata yarinya ce da ke haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ba ta sa wa ƙ da ɗ lanƙwasa, aya kuwa sai ta ga dama. Na ba ta 9. Da na raba takardun sai ta biyo ni bakin ofis cikin ladabi ta ce, "Malam, me zan gyara?" Na sake karanta takardarta a tsaye, na ga ita ce ta amsa tambayar, yaron kuwa ya zagaye ta ne kawai da kalmomi masu daɗi. Jan birona ya auna harshe, ni kuma na ɗauka tunani na auna.

Wannan ba matsalata ba ce ni kaɗai. A shekarar 1961 Paul Diederich da abokan aikinsa biyu a hukumar shirya jarrabawa ta ETS da ke Amurka sun ba mutum 53 masu ilimi daga fannoni daban-daban insha'i 300 su jera su a matakai tara. Kashi 94 cikin 100 na takardun sun samu matakai bakwai ko takwas ko tara mabambanta, kuma babu takardar da ta samu ƙasa da biyar. Da suka bi diddigi sai suka gano cewa kowane rukuni na masu dubawa da abin da yake kallo: wasu tunanin marubuci, wasu tsarin rubutun, wasu zaɓen kalmomi, wasu kurakuran ƙa'ida. Kowa ya rubuta lamba ɗaya a saman takarda, amma ba abu ɗaya suka auna ba. Maganin da aka saba bayarwa shi ne a tsara ma'aunin maki mai rukunai, kowane rukuni da makinsa. Sai dai raba takarda gida uku da rula abu ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne a tsara rukunan ta yadda malami zai iya ba da makin ɗaya ba tare da ya leƙa sauran ba. A kan wannan nake so in tsaya.

Ina iyakar hujja, ina iyakar shaida?

A bakin Bahaushe hujja da dalili da shaida sukan shiga wurin juna, don haka dole mai tsara ma'auni ya fara da shata musu iyaka. Kotu ce wurin da aka fi ganin bambancin. Mai ƙara yakan zo da da'awarsa, alƙali ya ce ya kawo shaida. Shaidu su faɗi abin da suka gani. Bayan haka akwai sauran aiki, wato a nuna yadda abin da shaidun suka faɗa ya tabbatar da da'awar, a kuma amsa abin da wanda ake ƙara ya kawo. Mutum na iya zuwa da shaidu huɗu masu gaskiya ya kasa ɗaure maganarsu da ƙararsa. Wani kuma na iya tsara magana tsaf, amma ba shi da ko mutum ɗaya da ya ga abin.

Haka yake a insha'i. Rukunin shaida yana tambaya ne a kan kayan da ɗalibi ya kawo: gaskiya ne, takamaimai ne, sun shafi batun, sun wadatar? Rukunin hujja yana tambaya a kan abin da ya yi da kayan: ya ɗauki matsaya, dalilansa sun kai ga matsayar, ya kula da abin da mai ja da shi zai ce? Masanin falsafa Stephen Toulmin ya fayyace wannan tun 1958, inda ya nuna cewa tsakanin da'awa da bayanan da ke goya mata baya akwai wata gada da ke haɗa su, kuma sau da yawa mai magana ba ya furta ta. Wannan gadar ta rukunin hujja ce. Idan ɗalibi ya rubuta cewa Ruwanda ta hana leda a 2008, ya kawo shaida. Idan ya ci gaba ya bayyana dalilin da ya sa abin da ya yiwu a can zai yiwu a Kano, ko ba zai yiwu ba, ya shiga kafa hujja.

Rukunin harshe shi ne na uku, kuma shi ne ya fi saurin malala cikin sauran. Iyakarsa ita ce jimla: ginin jimla, zaɓen kalma, ƙa'idojin rubutu, alamomi. Yadda aka jera sakin layi, wane dalili ya gabaci wane, wannan tsarin tunani ne, don haka na hujja ne. Idan ba a yanke wannan tun farko ba, malami ɗaya zai hukunta rashin tsari a rukunin harshe, wani a rukunin hujja, wani kuma a duka biyun.

Daga takardun yara ake fara rubuta matakai

Kuskuren da aka fi yi shi ne malami ya zauna da farar takarda ya rubuta "madalla, da kyau, da dama, da rauni" a ƙarƙashin kowane rukuni. Waɗannan kalmomi ba su bayyana komai ba, sunayen maki ne kawai. "Da kyau" a wurina na iya zama "da dama" a wurin abokin aikina. Bayanin mataki mai amfani shi ne wanda za a iya sa yatsa a kan takardar ɗalibi a ce ga shi nan, ko a ce babu shi.

Hanyar da na ga ta fi kai wa ga haka ita ce a ɗebi takardu kamar goma sha biyu daga cikin tarin, ba tare da zaɓe ba. A karanta su da tambaya ɗaya kawai, ta hujja, a kasa su kashi huɗu daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Sai a tambayi kai: me takardun kashin farko suka yi wanda na biyu ba su yi ba? Amsar ita ce bayanin matakin. A cakuɗa takardun, a sake kasa su a kan shaida, sannan a kan harshe. Idan takardun sun faɗa kashi iri ɗaya duk sau ukun, to ido bai rabu da kallon dunƙule ba tukuna, a sake. Matakai huɗu sun isa. Idan sun kai shida ko bakwai, malami zai rasa kalmomin da zai bambanta na uku da na huɗu, sai ya koma ga "ɗan fi" da "ɗan gaza".

Ga abin da ya fito mini a kan tambayar leda. A rukunin hujja, mataki na 1 shi ne takardar da ta yi magana a kan leda amma ba a gane ko marubucin yana goyon bayan hanin ko yana adawa da shi. Mataki na 2, akwai matsaya, amma dalilan maimaicin juna ne, ko ba a nuna yadda suka kai ga matsayar ba. Mataki na 3, matsaya a fili take, dalilai mabambanta ne kuma an ɗaure kowanne da ita, sai dai ba a amsa mai ja ba, ko an ambace shi an wuce. Mataki na 4, duk wannan ya samu, an kuma kawo abin da mai ja zai ce an ba shi amsa, kammalawar ta fito daga abin da ya gabata.

A rukunin shaida, mataki na 1 shi ne "kowa ya sani" da "masana sun ce" ba tare da wani abu da za a iya bincikawa ba. Mataki na 2, akwai misalai amma na gama-gari ne, babu wuri babu lokaci, ko akwai kuskure a cikinsu. Mataki na 3, akasarin dalilan suna da madogara takamaimai, amma duk iri ɗaya ce, ko an bar wani babban dalili babu madogara. Mataki na 4, kowane babban dalili yana da madogara ingantacciya, kuma sun haɗa abin da ɗalibi ya gani da idonsa da abin da ya karanta ko ya ji daga majiya da ya ambata.

A rukunin harshe mizanin shi ne wahalar da mai karatu ya sha. Mataki na 1, sai an sake karanta jimloli da yawa kafin a gane nufi. Mataki na 2, ana ganewa amma kurakurai suna tare mai karatu a kowane sakin layi. Mataki na 3, karatu na tafiya, kurakuran 'yan kaɗan ne kuma iri ɗaya. Mataki na 4, jimloli sun tsaru, kalmomi sun dace da wurinsu, ƙa'idojin rubutu sun zauna. Sifili kuwa na wanda bai rubuta komai ba ne, ko ya rubuta a kan wani batu daban.

A lura ban ce "misalai uku" ko "dalilai huɗu" ba. Ƙidaya tana da daɗin dubawa, amma yara na saurin gane ta. Ranar da aka ce misalai uku ne cikakken maki, za a samu misalai uku a kowace takarda, ko sun dace ko ba su dace ba. Misali ɗaya da aka bayyana sosai ya fi ukun da aka jefa.

Nauyin kowane rukuni

Bayan matakai sai nauyi, kuma nauyi shawara ce da malami ke yankewa bisa abin da ya koyar. A insha'in Ingilishi na jarrabawar WAEC, cikin maki 50 ana ba abin da aka faɗa 10, tsari 10, iya bayyana magana 20, kiyaye ƙa'ida 10. Wato 30 cikin 50 na harshe ne, kuma hakan ya dace da jarrabawar da manufarta auna harshe. Kuskure ne a kwaso wannan rabo a ɗora wa insha'in tarihi ko na gwamnati, ko ma darasin Hausa da aka ware don koyar da muhawara. A wancan zangon abin da na koyar shi ne kafa hujja, ƙa'idojin rubutu kuwa suna da nasu gwajin daban. Don haka na ninka matakin hujja sau biyu, na shaida sau biyu, na bar na harshe yadda yake: 8 da 8 da 4, jimilla 20.

Da wannan na koma kan takardun nan biyu. Yaron ya buɗe da cewa leda annoba ce da ta zame wa al'umma ƙarfen ƙafa, ya ce dole a hana ta. Sakin layi na biyu ya ce tana ɓata muhalli, na uku ya ce tana ƙazanta gari, na huɗu ya ce tana hana tsafta. Dalili ɗaya ne aka sauya masa riga sau uku, don haka mataki na 2 a hujja. Babu unguwa, babu kasuwa, babu wani abu da ya faru a wani wuri, mataki na 1 a shaida. Harshe kuwa mataki na 4 babu ja. Jimilla 4 da 2 da 4, wato 10.

Yarinyar ta rubuta kamar haka: "Baba na mahauci ne yana samun leda acikin tunbin shanu da awaki wani lokaci ta dunkule kamar kwallo." Ta bayyana cewa dabbar da ta ci leda tana ramewa, mai ita ya yi asara. Ta kawo kwatar bayan gidansu da leda ke toshewa duk damina har ruwa ya shiga ɗakuna. Dalilai biyu ne mabambanta, asarar dabbobi da ambaliya, kuma ta ɗaure kowanne da matsayarta. Ta ma tuna da mai koko da mai awara da ba su da abin zuba kaya sai leda, amma ta tsaya a kan cewa gwamnati ta nemo musu mafita, ba ta faɗi wace mafita ba. Mataki na 3 a hujja. Shaidarta takamaimai ce, sai dai duk daga gida da unguwa take, mataki na 3. Harshe mataki na 2. Jimilla 6 da 6 da 2, wato 14.

Da a ce na ninka harshe sau uku na bar sauran biyun yadda suke, yaron zai samu 15, yarinyar 12. Takardun ba su sauya ba, matakan ba su sauya ba, nauyi kaɗai ya juya sakamakon. Shi ya sa wajibi ne a yanke nauyi kafin a ga sunan kowa, a kuma rubuta shi a allo ranar da aka ba da aikin.

Wuraren da masu dubawa ke saɓani

Akwai wasu abubuwa da ke dawowa kullum, gara a yanke hukuncinsu tun kafin a fara. Na farko karin magana. Ɗalibi ya ce rigakafi ya fi magani, shin ya kawo shaida? Bai kawo ba. Karin magana taƙaita hikima ce, tana ƙawata harshe idan ta faɗa wurinta, amma ba ta tabbatar da cewa leda na toshe kwata. Makinta na rukunin harshe ne. Na biyu nassin addini. Idan ɗalibi yana nuna cewa addini ya umarci tsafta, nassin shaida ne ingantacce a kan wannan gaɓar. Idan gaɓar ita ce ko hani zai yi aiki a kasuwa, tana buƙatar madogara irin tata.

Na uku alƙaluman da aka ƙirƙira. Yaro ya rubuta cewa kashi 90 cikin 100 na cututtuka leda ce ke kawo su, bai faɗi inda ya samo ba. Wannan yana kama da shaida, kuma malamin da ya gaji zai iya ba shi maki. Ma'auni ya faɗa a fili cewa adadin da ba shi da majiya ba ya ɗaga mataki. Na huɗu karin harshe. Basakkwace ya rubuta yadda ake faɗa a gidansu, kuskure ne? Idan aikin ya buƙaci daidaitacciyar Hausa a faɗa tun farko, kuma a bambanta karin harshe da kuskuren ƙa'ida irin su "acikin" da "zasu". Na biyar maimaita kuskure. Wanda ya rubuta "ya na" a maimakon "yana" sau goma sha biyar ƙa'ida ɗaya ce bai sani ba, kada a hukunta shi kamar wanda ya jahilci goma sha biyar.

Yadda ake gane ma'auni ya lalace

Kafin a duba dukan aji, malamai biyu su ɗauki takardu goma, kowa ya duba shi kaɗai, sunaye a rufe, sannan su kwatanta rukuni-rukuni. Bambancin mataki ɗaya nan da can ba abin damuwa ba ne. Inda aka samu bambancin mataki biyu, laifin na bayanin matakin ne, a nemo kalmar da kowa ya fahimta daban a sauya ta. Takardun da aka yi ittifaƙi a kansu a ajiye su a gefe su zama abin komawa, domin bayan takarda ta hamsin ido yakan sassauta ko ya tsananta ba tare da mai shi ya sani ba.

Bayan an gama, a dubi jerin makin daga sama zuwa ƙasa. Idan kusan kowane ɗalibi 3, 3, 3 ya samu ko 2, 2, 2, to malamin ya yanke hukunci a dunƙule ne sannan ya rarraba shi gida uku. Edward Thorndike ya bayyana irin wannan tun 1920, lokacin da ya lura cewa hafsoshin soja idan suka yaba wa mutum a siffa ɗaya sukan yaba masa a sauran siffofin da ba su da alaƙa da ita. Maganinsa a aji shi ne a duba rukuni ɗaya a tarin takardu kafin a koma na gaba, kuma a bar harshe ya zo ƙarshe, don kada jan biron da ya cika takarda ya rage darajar tunanin da ke cikinta.

Inda ma'aunin ya gaza

Akwai takarda ta uku da ta nuna mini iyakar wannan tsari. Wani ɗalibi ya kawo hanin Ruwanda na 2008 da na Kenya na 2017, ya ƙara da kwatar bakin kasuwar unguwarsu, komai daidai. Amma har ƙarshe bai ce a hana ko kada a hana ba. Shaida mataki na 4, hujja mataki na 1, harshe mataki na 3, jimilla 13. Maki ɗaya ne tsakaninsa da yarinyar da ta amsa tambayar. Tara lambobi yana barin ƙarfin wani rukuni ya rufe raunin wani, ko da raunin a zuciyar aikin yake. A zango na gaba na ƙara sharaɗi guda, na sanar da shi tun farko: wanda bai kai mataki na 2 a hujja ba, jimillarsa ba za ta wuce 10 ba.

Iyaka ta biyu ita ce rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari. Idan harshe ya lalace har ba a gane jimla, hujjar da ke cikinta ta ɓace, kuma malami ba shi da ikon ba da maki a kan abin da yake zaton yaro ya so faɗa. Ta uku lokaci: karanta takardu 74 sau uku aiki ne, shi ya sa na fi yin haka a insha'i biyu ko uku masu muhimmanci a zango, sauran a duba rukuni ɗaya kawai, wanda aka koyar a makon.

Duk da haka, abin da ya sa ban koma ga lamba ɗaya ba shi ne tambayar yarinyar nan. Lamba 9 ba ta da amsar da za ta ba ta. Amma 3 da 3 da 2 sun gaya mata abu uku: ta faɗi wace mafita ce ga mai koko, ta nemo misali ɗaya daga wajen unguwarsu, ta koyi raba "a" da "cikin". Yaron ma, da 10 ɗinsa ta ba shi haushi a ranar, ya ga cewa 4 ɗinsa ta harshe tana nan ba a taɓa ta ba, abin da ya rage masa shi ne ya fita ya dubi kwata da idonsa kafin ya ɗauki biro.